Wasiƙar Neman Canji ko Mayar da Kuɗi ta Imel: Sharhi a Kan Batirin Sola da Ya Mutu a Zakka

Wasiƙar neman canji ko mayar da kuɗi saƙo ne da mai saye yake aika wa wanda ya sayar masa da kaya bayan ya tarar da aibi a jikinsu. A cikinta yana tabbatar da cewa a wurinsa ya saya, ya faɗi ranar da kayan suka shigo hannunsa, ya nuna aibin da shaida, sannan ya ambaci abin da yake so a yi masa. A cinikin kasuwar ƙauye ba a cika buƙatarta ba, domin mai saye da mai sayarwa sun san juna, kuma akwai dillali ko sarkin kasuwa da za a kai wa ƙara. Amma mutumin Zakka, a ƙaramar hukumar Safana ta Jihar Katsina, da ya sayi batirin sola ko injin ban ruwa daga dila a Sabon Gari ta Kano ko kasuwar Alaba ta Legas, sau da yawa bai taɓa ganin fuskar dilan ba. Ta waya aka yi ciniki, ta banki aka tura kuɗi, direba ya sauke kaya a tashar Dutsin-Ma, wata motar ta ƙarasa da su gida. Irin wannan ciniki ba shi da mai shaida sai rubutu.

Haƙƙin da wasiƙar take nema yana da tushe biyu da bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko shi ne garanti, wato alkawarin da kamfani ko dila ya ɗauka da kansa na gyara ko canja kaya cikin wani wa'adi, bisa sharuɗɗan da shi ya gindaya. Na biyu doka ce, wadda take aiki ko an ba da katin garanti ko ba a bayar ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi a sashe na 132 cewa mai saye yana iya mayar da kayan da suka gaza cikin wata uku daga ranar da aka kawo masa su, ba tare da tara ba, kuma kuɗin mayarwar da haɗarin hanya a wuyan mai sayarwa suke. Shi kuma mai sayarwa ya gyara, ko ya canja, ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 145 ya ɗora wa mai sayarwa nauyin kawo hujja idan aka yi zargin kayansa na da aibi. Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su, ba ya soke wannan tanadi. A 2022 wata babbar kotu a Enugu ta yanke hukuncin cewa tsarin wani kamfanin sufuri na ƙin mayar da kuɗin mota ya saɓa wa wannan doka.

Ga Bahaushe ba baƙon al'amari ba ne. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Katsina ya san zaɓin aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da ba a bayyana masa ba, yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar. Malamai sun ƙara da cewa wanda ya ga aibin kuma ya ci gaba da moron kayan, ko ya yi shiru ba uzuri, ana ɗaukar ya yarda. Dilan Kano ko bai taɓa buɗe littafin fiƙihu ba, da wannan hujjar zai kare kansa: me ya sa sai yanzu? Babban aikin imel ke nan, ya kafa ranar da aka fara ƙorafi ta yadda ba mai iya musantawa.

A nan ne imel ya fi WhatsApp, ko da yake a WhatsApp ake yawancin cinikin. Ana iya goge saƙo a can daga ɓangarorin biyu, ana iya saita hira ta riƙa ɓacewa da kanta, waya tana iya faɗawa ruwa da duk abin da ke cikinta, muryar da aka naɗa kuma ba ta da daɗin miƙa wa jami'in da zai duba ƙara. Imel kuwa da zarar ya isa, kwafi yana wurin mai karɓa, kwafi yana cikin Sent na mai aikawa, da rana da sa'a a jikinsa. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya buɗe wa takardun da suka fito daga kwamfuta ƙofar shiga kotu bisa wasu sharuɗɗa. Mutanen yankin ma sun san yadda sadarwa take yankewa gaba ɗaya: a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Safana da Batsari, aka shafe watanni a haka. Darasin da ya rage shi ne kada a jinkirta saƙo muhimmi a ranar da sabis yake akwai.

Misali guda zai fi bayyana yadda ake gina wasiƙar. A ƙaddara wani mai shagon cajin waya a Zakka ya sayi batiri mai ruwa, wanda aka rubuta 12V 200Ah a jikinsa, daga wani dila a Kano kan naira 280,000, da garantin wata goma sha biyu. Ya tura kuɗi ranar 3 ga Maris 2025, batiri ya iso ranar 6 ga wata. Makonni shida yana aiki lafiya. Daga ranar 20 ga Afrilu, da rana ta faɗi sai inbata ta fara kuka, kafin kwata guda ta ɗauke.

Abin da yawancin mutane suke rubutawa a nan bai wuce "batirinku ba shi da kyau, ba ya riƙe wuta" ba. Wannan jimla ba ta tabbatar da komai, domin batiri mai lafiya ma ba ya riƙe wuta idan ba ya samun caji isasshe ko an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Dila ya san haka, kuma amsarsa a shirye take: fanel ɗinka ne ƙanana, ko firji ka jona. Saboda haka kafin a rubuta kalma ɗaya, sai an raba tsakanin laifin batiri da laifin mai batiri.

Lissafin farko mai sauƙi ne. Bolt 12 sau 200 ya ba da 2,400, wato adadin wat ɗin da batirin zai iya bayarwa na awa guda a takarda. Batiri mai ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa, don haka abin amfani 1,200 ne. Idan shagon yana da caja ashirin masu cin wat biyar-biyar, da fanka da ƙwai biyu masu cin hamsin a haɗe, jimla wat 150 ke nan. A raba 1,200 da 150, an sami awa takwas. A cire abin da inbata take ci, a ce bakwai. Batirin da ya kamata ya kai awa bakwai yana mutuwa cikin kwata. Da wannan lissafin a wasiƙa, maganar lodi ya yi yawa ta faɗi tun kafin a ɗaga ta.

Na biyu awo ne, kuma shi ne zuciyar shaidar. Batirin bolt 12 ɗakuna shida ne a ciki, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1. Idan ya wuni yana caji, aka cire masa wayoyi da yamma, aka bar shi ya huta har asuba, mita za ta nuna tsakanin 12.6 da 12.8 in lafiyarsa ƙalau. Wanda caji ne bai ishe shi ba zai nuna kusan 12.0 ko ƙasa kaɗan, kuma yakan farfaɗo idan ya sami caji mai kyau. Amma idan mita ta tsaya a wajen 10.6 bayan cikakken wunin caji, bolt biyun da suka ɓace suna nuna ɗaki guda ya mutu. Mai gyaran sola da ke da ma'aunin ruwan batiri zai ƙara tabbatarwa: ɗakuna biyar su nuna wajen 1.250, ɗaya ya nuna 1.120. Rashin caji yakan sauke ɗakuna shidan tare. Ɗaki guda ya faɗi shi kaɗai a batirin da bai kai wata biyu ba, alhali ruwansa bai ƙafe ba, alama ce mai ƙarfi ta aibin ƙira ko buguwa a hanya. Wannan bambanci shi ma'aikacin kamfani yake nema, kuma wasiƙar da ta kawo masa shi ta rage masa aiki.

Kowane awo ana ɗaukar hotonsa ta yadda mita da lambar jikin batirin za su fito a hoto guda, don kada a ce wani batirin aka auna. Ana kuma ɗaukar batirin ta ɓangarori huɗu, a nuna bai fashe ba, bai kumbura ba, kawunansa ba su ƙone ba, alamun ruwa shida suna inda ya dace. Waɗannan su ne abubuwan da katunan garanti suka saba kafa hujja da su wajen ƙin karɓar kaya, tare da kankare lamba da zuba ruwan da ba tataccen ruwan batiri ba. Kuskuren da ya fi kashe garanti a karkara shi ne kai batirin wurin mai gyara ya zubar da ruwansa ya sake wani, ko ya fasa murfi don ya duba ciki. Auna batiri ba ya ɓata komai. Buɗe shi yana ɓata komai.

Sai shaidar ciniki. Rasit ne kan gaba, kuma dokar 2018 ta wajabta wa mai sayarwa ba da rubutacciyar shaidar ciniki. Sai dai sau da yawa rasit yana zuwa babu lambar kayan, ko an manta da shi a Kano. A nan takardar tura kuɗi take cike giɓi. Kowane tiransifa tsakanin bankuna biyu yana da lamba mai alƙaluma 30 da ake kira Session ID, wadda ake iya bin sawunta har asusun da kuɗin ya shiga. Idan a shagon POS aka tura, wanda shi ne ruwan dare inda babu banki kusa, sunan mai POS ne zai fito a wurin dila, ba na mai saye ba. Dole wasiƙa ta faɗi haka ƙarara, in ba haka ba akawun dila zai duba littafi ya ce ba su da wannan suna. Takardar tasha da aka rubuta lokacin ɗora kaya, ko saƙon da direba ya turo ranar saukewa, ita ke tabbatar da ranar karɓa, wadda daga ita ake ƙirga wata ukun doka. A wannan misali wa'adin yana cika ranar 6 ga Yuni.

Kan saƙon, wato gurbin Subject, yana ɗauke da abin da ma'aikaci zai bincika da shi, ba fushin mai saye ba. "Gaggawa" ko "Ƙorafi" ba sa taimakon kowa. Lambar rasit, sunan kaya da abin da ake nema sun isa. Ga yadda wasiƙar mai shagon ta ranar 24 ga Afrilu za ta kasance:

```
Subject: Neman canjin batiri 12V 200Ah, rasit INV-0417, an karɓa 6/3/2025
```

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan an tashi lafiya, ya kasuwa?

"Ranar 3 ga Maris 2025 na sayi batiri mai ruwa 12V 200Ah guda ɗaya a shagonka kan naira 280,000, rasit mai lamba INV-0417, da garantin wata goma sha biyu. Ta hannun mai POS aka tura kuɗin, don haka sunansa ne zai fito a asusunka. Takardar tana haɗe. Batirin ya iso mini Zakka ranar 6 ga Maris. Lambar jikinsa tana hoto na biyu.

"Tun ranar 20 ga Afrilu batirin yake ɗaukewa cikin minti goma sha biyar bayan faɗuwar rana, a kan lodin wat 150 da a baya yake ɗauka kusan awa bakwai. Ranar 22 ga wata ya wuni yana caji, na cire wayoyinsa da yamma, da asuba mita ta nuna 10.6. Mai gyara ya auna ruwan ɗakunan shida: biyar sun nuna wajen 1.250, na huɗu ya nuna 1.120. Ba a buɗe shi ba, ba a sake masa ruwa ba, bai fashe ba. Na daina amfani da shi tun ranar.

"Ina roƙon a canja mini da sabo irinsa. In babu, a mayar mini da kuɗina ta asusun da zan bayar. Batirin bai cika wata uku a hannuna ba, don haka bisa sashe na 132 na dokar kare masu saye ta 2018 kuɗin mayar da shi Kano yana kan shago. A faɗa mini tashar da zan ɗora shi da wanda zai karɓa. Ina sauraron amsa nan da ranar 8 ga Mayu 2025.

"Na haɗa rasit, takardar tura kuɗi, katin garanti, takardar tasha da hotuna bakwai. Na gode, Allah ya ba da kasuwa."

A ƙasa sai cikakken suna kamar yadda yake a rasit, da lambar wayar da aka yi cinikin da ita.

Wasiƙar gajera ce, kuma abin da ta bari ya kusa kai abin da ta ɗauka muhimmanci. Ba ta kira dila macuci ba. Mai yiwuwa shi ma haka kamfani ya ba shi batirin, kuma wannan saƙon ne zai tura gaba don a biya shi; saƙon da ke cike da zagi ba ya turuwa. Ba ta yi barazanar tona asiri a Facebook ba, domin wannan yakan juya magana daga batiri zuwa ɓata suna, mai gaskiya ya koma mai kare kansa. Ba ta kuma yi ƙarin gishiri ba. Wanda ya rubuta cewa batiri bai taɓa aiki ba tun ranar farko, alhali akwai saƙonsa na godiya a mako na biyu, ya zubar da sauran shaidarsa da hannunsa. Gaisuwar farko da addu'ar ƙarshe kuwa ba ado ba ne. Ɗan kasuwar Kano da aka faɗo masa da lambar sashe ba sallama zai ɗauka an zo faɗa ne. Sau ɗaya aka ambaci dokar, a wurin da take da aiki, wato kan wanda zai biya kuɗin mota, kuma ga batirin da ya kai nauyin rabin buhun masara ko fiye, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Buƙatar ma a fayyace take: canji, in babu, kuɗi. "A duba mini lamarin" ba buƙata ba ce, kuma amsarta ita ce "za mu duba". Haka wa'adi: doka ba ta yanka kwana goma sha huɗu ba, mai rubutu ne ya zaɓa, amma rana mai suna ta fi "da wuri" domin ita za ta nuna daga baya cewa an ba da dama an yi shiru.

Idan kamfanin na Legas ne ko babban shagon intanet, da Turanci za a rubuta, tsarin dai bai canja ba. Wanda ɗansa ko mai shagon kwamfuta a Dutsin-Ma ya rubuta masa, ya tabbata da adireshin imel ɗinsa aka aika, ko wanda yake riƙe da kalmar sirrinsa, don amsa can za ta koma. Shagunan intanet suna da nasu wa'adin mayar da kaya, sau da yawa 'yan kwanaki ne, kuma sukan buƙaci a fara buɗe ƙorafi a manhajarsu. Imel yana biyo baya da lambar oda da lambar ƙorafin. Idan waya ce kayan, lambar IMEI mai alƙaluma 15 ce take tsayawa a matsayin lambar jiki, ana ganinta ta danna `*#06#`, kuma sai ta dace da wadda ke jikin kwali.

Wajen haɗa hotuna akwai tarko biyu. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB a saƙo guda, kuma inda sabis yake da rauni, saƙo mai nauyi yakan maƙale a Outbox mai shi yana zaton ya tafi. Sai an gan shi a Sent ake cewa an aika. Bidiyon inbata tana kuka na daƙiƙa talatin ya isa, ko a tura shi daban. Sunayen hotuna kuma a gyara su yadda za a gane, kamar `rasit.jpg` da `mita-asuba.jpg`. Ainihin rasit da katin garanti ba sa bin batiri cikin mota; kwafi ake bayarwa.

Bayan aikawa, dila yakan kira waya maimakon ya rubuta. Babu laifi, yawancin irin waɗannan matsaloli a waya suke mutuwa. Amma duk abin da aka amince a kai sai a mayar da shi rubutu a ranar, a ƙarƙashin saƙon farko: kamar yadda muka yi magana ɗazu, zan ɗora batirin ranar kaza, za a aiko da sabo cikin mako guda. Kafin a ɗora, a ɗauki hotonsa a tasha da lambarsa a bayyane, a karɓi takarda, domin batirin da ya fashe a hanya ba shaida yana iya cinye ƙarar gaba ɗaya. Idan an ce sai kamfani ya gwada shi, wannan haƙƙinsu ne. Abin da ake nema shi ne ranar da sakamako zai fito, kuma a rubuce.

Idan wa'adi ya cika shiru, ana aika tunatarwa guda a kan saƙon farko, da sabon wa'adi gajere da bayanin inda za a kai magana. Banki ba ya cikin wuraren, domin ba ya janye kuɗin da mutum ya tura da kansa don kawai kaya sun zo da aibi. Ƙungiyar 'yan kasuwar da dila yake ciki takan yi sulhu cikin sauri fiye da ofis. Jihar Kano tana da hukumarta ta kare masu sayen kaya da kotunan ƙananan ƙararraki, FCCPC kuma tana karɓar ƙorafi ta shafinta, `fccpc.gov.ng`, ba sai mutum ya bar Zakka ba. Abin da za a fara tambaya a kowanne shi ne ko an tuntuɓi mai sayarwa, da yaushe, da abin da ya ce. Saƙon ranar 24 ga Afrilu da hotunansa bakwai, da tunatarwar da ta biyo baya, su ake turawa yadda suke.